Rubutun Silayid da Za a Iya Karantawa daga Kujerar Baya: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da malamai, ma'aikatan gwamnati, ɗalibai masu kāre kundin bincike da masu shirya bita a Kaduna suka fi yi game da rubutun da ake haskawa a bango. Kusan dukansu tushensu ɗaya: wanda ya tsara silayid ɗin ya duba shi ne a laftof, kusa da fuskarsa, alhali wanda zai karanta yana zaune can ƙarshen zaure kusa da ƙofa.

Wace lamba zan sa wa rubutu? Na ji ana cewa 24 ta isa.

24 tana isa a wani zauren, ba ta isa a wani. Lambar da kuke gani a PowerPoint ba ta gaya muku girman harafi a bango, tana gaya muku ne kason da harafin ya ci daga tsayin silayid. Silayid mai faɗi na PowerPoint inci 7.5 ne a tsaye, kowane inci kuma yana da ma'auni 72 na abin da ake rubutawa `pt`. Ke nan tsayin silayid duka 540 ne. Idan majigi ya shimfiɗa wannan 540 a kan allo mai tsayin mita 3, harafin zai fito babba. Idan ya shimfiɗa shi a kan allo mai mita ɗaya da rabi, harafin nan dai zai fito rabin wancan, lambar kuwa ba ta canza ba.

Saboda haka abu biyu ake aunawa kafin a zaɓi lamba: nisan kujerar ƙarshe daga allo, da tsayin hoton da majigi yake fitarwa. A lura, tsayin hoton ake nufi, wato inda haske ya tsaya, ba tsayin ƙyallen ko bangon ba.

Ƙa'idar da ake aiki da ita wajen rubutun da za a karanta daga nesa ita ce tsayin babban baƙi kada ya gaza nisan mai karatu a raba gida 200. Mai lafiyayyen ido zai iya gane harafin da bai kai haka ba idan ya ƙura masa ido, amma mutumin da ke sauraron mai jawabi ba gwajin ido ya zo yi ba, kuma a cikin zauren akwai dattawa da waɗanda suka bar tabarau a gida. A salon rubutu irin Arial, babban baƙi yana cin kusan kashi 72 cikin 100 na lambar da aka sa. Idan aka haɗa waɗannan, lissafin yakan taƙaita zuwa layi ɗaya:

```
lamba = 3.75 × (nisa ÷ tsayin hoto)
```

Daga nan za ku ga inda 24 ta samo asali. Idan nisan ya ninka tsayin hoton sau 6, amsar 22.5 ce, sai a ɗaga ta zuwa 24. Zauren da aka tsara shi da kyau haka yake. Amma zaurukan da aka kawo wa allon tafi-da-gidanka aka kafa a gaba ba safai suke haka ba.

A yi mana misali da zaure na gaske.

Mu ɗauki ɗakin taro irin na sakandare ko na ƙaramar hukuma, mai cin mutum ɗari biyu zuwa ɗari uku. Ba ku da abin awo, sai ku ƙirga tayil ɗin ƙasa daga gindin allo zuwa layin kujeru na ƙarshe. Kun samu 30, kowane tayil santimita 60, nisan ya zama mita 18. Kun kunna majigi, hoton ya fito mai faɗi, tsayinsa mita 1.5, faɗinsa wajen mita 2.7.

18 a raba da 1.5 ya ba da 12. A ninka da 3.75, an samu 45. Lambar da ke kusa a jerin PowerPoint ita ce 44. Wannan ita ce mafi ƙanƙantar lambar rubutun cikin silayid a wannan zaure, ba ta take ba. Taken sai ya kai 54 ko 60 don ya bambanta.

Ana iya tabbatar da shi ta wata hanyar. Mita 1.5 a raba 540, kowace lamba ɗaya tana daidai da milimita 2.8 a bango. Lamba 44 a Arial za ta ba da babban baƙi mai kusan santimita 9, kuma mita 18 a raba 200 santimita 9 ne. Lamba 24 kuwa ba ta cika santimita 5 ba. Wannan daidai ne ga wanda ke mita 9 ko 10, wato rabin zauren na gaba. Rabin baya za su ga akwai rubutu, za su ga layuka nawa ne, amma za su koma duba waya.

Sai abin da ke biyo baya, wanda shi ne mutane ba sa so su ji. A lamba 44, layi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da haruffa 36 zuwa 38, wato kalmomin Hausa shida ko bakwai. Bayan an cire wurin take, layi bakwai ne iyaka, kuma biyun ƙasa sau da yawa kawunan mutane da huluna da ɗankwali sun tare su idan allon bai ɗaga sosai ba. Ke nan layi biyar kuke da su, kalma talatin da biyar ko ƙasa da haka. Silayid ɗin da aka cika da sakin layi biyu dole ya rabu gida uku ko huɗu. Rabuwar ba ta ƙara tsawon jawabi, maganar da za a yi ita ce dai.

Idan kuma abin da za a nuna ba zai yiwu a wannan girman ba, to gyaran ba a kwamfuta yake ba. A ja majigin baya don hoton ya girma idan bango ya ba da dama. Hoto mai tsayin mita 2.25 zai sauko da lambar zuwa 30. Amma hoton da ya girma haskensa na raguwa: idan tsayi ya ƙaru da rabi, filin da hasken zai rufe ya ninka fiye da sau biyu.

Ba ni da damar shiga zauren kafin ranar taro. Ya zan gwada?

Ku yi amfani da kason zauren, wato nisa a raba da tsayin hoto, a gida. Allon laftof mai inci 15.6 tsayinsa kusan santimita 19 ne. Idan kason zauren 12 ne, ku buɗe silayid ya cika allon, ku ja da baya mita 2.3, wajen taku uku. Abin da idonku ya gani daga nan shi na kujerar baya zai gani, har ma naku ya fi kyau domin allon laftof ya fi majigi kaifi da haske. Idan sai kun kanne ido, rubutun ya yi ƙanƙanta. Ya fi kyau ku sa wanda bai taɓa ganin silayid ɗin ba ya karanta da ƙarfi, domin ku kun riga kun haddace shi, idonku zai cika abin da bai gani ba.

Idan ba ku san komai game da zauren ba, ku ɗauka kason 8 ne, ku tsaya a lamba 30 zuwa 32.

Na yi aikina a Google Slides. Lissafin ɗaya ne?

A'a. Silayid mai faɗi na Google Slides inci 5.625 ne a tsaye, wato 405 maimakon 540. Lamba 24 a can ta yi daidai da 32 a PowerPoint. Sai ku musanya 3.75 da 2.8 a lissafin. A misalin da ya gabata, 12 sau 2.8 zai ba da kusan 34.

Wane salon rubutu ne ya fi fitowa daga nesa?

Wanda bai da ado. Abubuwa uku ake dubawa, kuma duka ana iya ganinsu da ido ba tare da wani ilimi na musamman ba.

Na farko tsayin ƙananan baƙaƙe, irin a, e, n, u, s. Mafi yawan abin da ake karantawa su ne, don haka su ke yanke ko rubutu ya yi girma ko bai yi ba. A Arial ƙaramin baƙi yana kusan kashi 52 cikin 100 na lambar, a Tahoma da Verdana kusan 55, a Calibri kusan 47, a Times New Roman kusan 45. Ma'anar haka ita ce lamba ɗaya ba girma ɗaya ba ce. Inda Arial ya buƙaci 44, Calibri zai buƙaci 48, Times New Roman kuma ya haura 50. Mutane da yawa suna sa Calibri 24 suna zaton sun cika ƙa'ida, alhali a ido bai wuce Arial 22 ba.

Na biyu kaurin layin harafi. A Times New Roman da Garamond da ire-irensu, kowane harafi yana da ɓangare mai kauri da ɓangare siriri. A takarda wannan ne kyawunsu. A majigi kuwa siririn shi ke fara ɓacewa, sai sandar tsakiyar e ta tafi ya koma kamar c. Salon da kaurinsa ɗaya ne ko'ina, irin Arial, Tahoma, Segoe UI da Noto Sans, ba ya da wannan matsalar. Haka nan duk salon da sunansa ya ƙare da `Light` ko `Thin` a bar shi, ko da a take ne.

Na uku bambancin haruffan da suka yi kama, kuma a nan Hausa tana da nata wuraren gwaji. Ku rubuta "Ilimi" da "Iliyasu" a Arial: babban I da ƙaramin l sanduna biyu ne tsaye, kusan ba bambanci. A Tahoma, Verdana da Noto Sans, babban I yana da 'yar sanda sama da ƙasa, ba a rikita shi da komai. Sannan ku rubuta "Birnin Gwari", "ƙarni" da "Borno". Idan haruffan sun matsu, r da n sukan manne su zama m daga nesa, a karanta "Bimin". Mai karatu zai gane daga ma'ana, amma ya tsaya ya yi tunani, kafin nan mai jawabi ya wuce. A sunayen mutane, lambobin waya da adireshin intanet kuwa babu ma'anar da za ta taimaka masa.

A ra'ayinmu, ga mai aiki da Windows a Kaduna wanda zai rubuta Hausa, Tahoma ya fi dacewa, Arial na biye. Aibin Tahoma ɗaya ne: haruffansa a matse suke. Ana gyara wannan ta `Home > Character Spacing > More Spacing`, a zaɓi `Expanded` a sa 1.

Me ya sa ɗ, ƙ da ɓ suke fitowa daban da sauran haruffa, ko su zama akwati?

Domin salon da kuka zaɓa bai ƙunshi haruffa masu lanƙwasa ba. Idan kwamfuta ta nemi ƙ a salon ta rasa, sai ta aro shi daga wani salon ba tare da ta sanar da ku ba. Shi ya sa za ku ga "ƙasa" ƙ ɗinsa ya fi siriri, ko ya ɗan sauka ƙasa da layi, ko ya zo da 'yan ƙafafu alhali sauran ba su da su. Idan ba ta sami inda za ta aro ba, sai ta sa akwati. Yawancin salon ado da ake saukowa da su kyauta daga intanet haka suke, har ma wasu sanannu da suka zo da kwamfuta, don haka suna kaɗai ba hujja ba ne. Verdana, duk da kyawunsa daga nesa, yana cikin waɗanda ya kamata a bincika kafin a dogara da su.

Gwajin minti ɗaya ne. Ku rubuta wannan layin a silayid, ku ɗaga shi zuwa lamba 60, ku sa masa salon da kuke so:

```
Ɓb ɓ Ɗd ɗ Ƙk ƙ 'ya'ya ₦1,000 Il1 rn m
```

Ku duba ko ɗ da d kaurinsu ɗaya, tsayinsu ɗaya. Ku maimaita bayan kun danna `Bold`, domin wani salon yana da haruffan a siririnsa amma babu a mai kaurinsa. Arial, Tahoma, Calibri, Segoe UI da Times New Roman na Windows na yanzu suna ɗauke da su. Noto Sans na Google da Andika na SIL ma haka, kuma kyauta ne. Andika an yi shi ne musamman don masu koyon karatu, shi ya sa haruffansa suke a sarari, ya dace da bitar malaman firamare da ajin yaƙi da jahilci.

Akwai wani abu da ya shafi Hausa kai tsaye. Lanƙwasar da ke kan ƙ ko ɗ ita ce mafi ƙanƙantar alama a layin, amma ita ke raba "kafa" da "ƙafa", "dauka" da "ɗauka", "bata" da "ɓata". Rubutun Turanci zai iya tsira a ɗan ƙasa da lambar da lissafi ya bayar, na Hausa ba ya tsira. Idan lissafi ya faɗa tsakanin lambobi biyu, ku ɗauki ta sama, sai dai in dab yake da ta ƙasa kamar 45 da 44. Kuma kada wahalar haruffan ta sa ku jefar da su ku rubuta k da d zalla a gaban taron Hausawa. A sauya salo ya fi sauƙi.

A kwamfutata komai daidai yake, da na sa filashi a kwamfutar zauren sai rubutu ya watse. Mene ne dalili?

Fayil ɗin PowerPoint sunan salon kawai yake ɗauka, ba salon kansa ba. Idan kwamfutar zauren ba ta da shi, za ta sa wani a madadinsa, faɗin haruffa ya canza, layi ya karye a wani wuri, rubutu ya hau kan hoto. Wannan ya ƙaru tun da Microsoft ta fara maye gurbin Calibri da Aptos a 2023. Calibri ya kasance salon farko tun Office 2007, kowace kwamfuta mai Office tana da shi. Aptos kuwa tsofaffin Office irin na 2013 da 2016 ba su zo da shi ba, su kuma ake yawan samu a ɗakunan taro da shagunan buga takardu.

Hanya mafi aminci ita ce ku zaɓi salon da ya zo da Windows tun farko. Idan kun riga kun gama aikin, ku je `Home > Replace > Replace Fonts` ku sauya shi gaba ɗaya, sannan ku bi silayid ɗaya bayan ɗaya ku ga inda layi ya karye.

Idan dole sai wani salo na daban, ku cusa shi cikin fayil ɗin: `File > Options > Save`, ku yi alama a `Embed fonts in the file`, ku zaɓi `Embed all characters` idan akwai yiwuwar gyara a can. Wannan ba ya aiki da kowane salo, domin wasu masu shi sun hana, kuma ba kowace manhaja ce ke mutunta shi ba idan aka buɗe fayil ɗin da wani abu ba PowerPoint ba. Saboda haka ko yaya, ku ajiye kwafi na biyu a PDF. Shi yana tafiya da haruffansa, a Adobe Reader kuma `Ctrl+L` zai cika allo da shi. Motsin silayid ne kawai za ku rasa.

Na sa 32, amma da na ƙara layi sai na ga rubutun ya ragu da kansa.

PowerPoint ne ke rage shi don ya shiga akwati, kuma ba ya tambaya. Ku danna dama a kan akwatin, `Format Shape > Text Options > Text Box`, ku zaɓi `Do not Autofit`. Daga nan idan rubutu ya yi yawa zai zubo waje ku gani, ku san lokacin raba silayid ya yi. Ya fi kyau a yi wannan, tare da salo da lamba, sau ɗaya a `View > Slide Master`, sai duk silayid ya gaje shi. A kula kuma da sabon akwatin da aka zana da hannu, a lamba 18 yake farawa.

Baƙi a kan fari, ko fari a kan baƙi?

Ya danganta da hasken zauren. Majigi ba ya iya haska baƙi. Abin da kuke gani baƙi a allo, allon ne kawai inda majigi bai haska ba, don haka duhunsa bai wuce duhun ɗakin ba. A zaure mai tagogi a buɗe da rana tsaka, wanda haka yawancin tarukan safe da na azahar suke saboda zafi ba ya bari a rufe, baƙin bango zai koma toka-toka, farin rubutu ya dushe a cikinsa. A irin wannan wuri farin bango da rubutu baƙi ko shuɗi mai duhu sosai ya fi, domin majigin yana zuba duk haskensa a allon. Bango mai duhu da farin rubutu sai a ɗakin da ake iya kashe fitilu a ja labule, ko a babban allon lantarki mai hasken kansa irin na wuraren biki.

Rawaya, lemo da kore mai haske a kan fari suna ɓacewa gaba ɗaya. Ja a kan kore ko kore a kan ja a guje su, akwai mutanen da idonsu ba ya raba waɗannan launuka, maza sun fi yawa a cikinsu. Ƙa'idar WCAG ta shafukan intanet tana neman bambancin haske na 4.5 da 1 ga rubutu na yau da kullum, amma wannan na allon da ke gaban mutum ne. A zaure hasken rana yana cin wani ɓangare na bambancin, don haka ku nemi 7 da 1 ko sama.

Lokacin hunturu da ƙura akwai ƙari. Ƙura takan kwanta a kan gilashin majigi ta toshe matatar iskarsa, hoto ya yi hazo. Kafin a zargi salon rubutu, a goge gilashin da ƙyalle mai laushi, a gyara kaifin hoton da zoben da ke gaban majigin, a kuma duba ko an bar shi a `Eco`, wanda ke rage haske don fitila ta daɗe.

Majigin wurin tsoho ne, hotonsa kusan murabba'i. Akwai abin da zan canza?

Akwai. Irin wannan yawanci ɗigo 1024 a kwance da 768 a tsaye yake fitarwa. Idan kuka ba shi silayid mai faɗi, zai matse shi ya bar baƙin fili sama da ƙasa, ɗigo 576 kawai zai yi amfani da su a tsaye. Kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin ya tafi, rubutun ma ya ragu da haka. A allo mai faɗin mita 2 da tsayin 1.5, hotonku zai zama mita 1.1 da ɗoriya, mai zama a mita 18 kuma zai buƙaci lamba 60. Idan kun san majigin tun da wuri, ku je `Design > Slide Size` ku zaɓi `Standard (4:3)`. Tsayin silayid yana nan 540, lamba ta koma 44, kun kuma sami ƙarin layi.

A irin wannan majigi, idan silayid mai faɗi ne, kowace lamba ɗaya ɗigo ɗaya ce da ɗan kaɗan. Rubutu mai lamba 12 ƙananan baƙaƙensa ɗigo shida ko bakwai ne, lanƙwasar ɗ kuma ɗigo ɗaya ko biyu. Ko na layin gaba ba zai ga harafi mai tsabta ba.

Manyan baƙaƙe zalla ba su fi fitowa ba?

A take mai kalma biyu ko uku babu laifi. A jimla kuwa suna cin wuri fiye da ƙananan, kuma kalmomin duk sukan zama tubala masu tsayi ɗaya, a rasa hawa da saukar d, k, g, y da ido ke kamawa daga nesa. Wurin da suka cinye gara a ba wa ƙananan baƙaƙe a ƙara musu lamba. Rubutun da ya karkata da mai layi a ƙasa su ma a rage su: layin ƙasa yana yanke wutsiyar g, j da y. Idan ana son jaddada kalma, a kaurara ta kaɗai. A kaurara komai kuwa, cikin a da e yakan cike daga nesa, kuma ba abin da ya fita daban.

Jadawali da zanen alƙaluma fa? Ba za su shiga a lamba 44 ba.

Ba za su shiga ba, shi ya sa jadawalin da aka kwafo daga Excel mai layi ashirin ba na bango ba ne, na takarda ne. A buga shi a raba, ko a tura wa mahalarta ta waya. A bango a sa layi uku ko huɗu da ake magana a kansu, a lambar da lissafi ya bayar. A taƙaita alƙaluman: "miliyan 12.4" ya fi ₦12,408,350.00 karantuwa, kuma daga nesa waƙafi da aya ba sa bambanta. Rubutun gefen zane PowerPoint yakan fara shi a wajen lamba 12, sai kun danna shi kun ɗaga da kanku. Ku rubuta sunan kowane layi a jikinsa maimakon ƙaramin akwatin bayani a gefe, wanda ke tilasta wa ido kai da komo.

Ina sa aya ko hadisi da Larabci, wani lokacin da ajami. Wace lamba?

Sama da ta boko. A salo irin Traditional Arabic da Sakkal Majalla, jikin harafi ƙarami ne idan aka gwada shi da na boko a lamba ɗaya, sannan ga wasulla da ɗige-ɗigen da ke raba haruffan ba da ta da sa. Ku fara da ninka lambar boko sau ɗaya da rabi, inda boko ke 32 Larabci ya zama 48, sai ku yi gwajin ja da baya ku ga ko fataha da kisira suna fitowa. Ku buɗe tazarar layi don wasalin ƙasa na layin sama kada ya taɓa na saman layin ƙasa. Don ajamin Hausa, SIL ta fitar da Alkalami, wanda ya bi salon rubutun hannu na Kano, da kuma Harmattan. Ba sa zuwa da Windows, don haka a nan kwafin PDF wajibi ne, kuma ku buɗe shi ku duba cewa haruffan sun haɗu daidai kafin ku fita daga gida.

Wurin ba majigi, talabijin ce babba. Lissafin ya canza?

Bai canza ba, tsayin ne ƙarami fiye da yadda ake zato. Talabijin mai inci 65 tsayin hotonta kusan santimita 81 ne. Mai zama a mita 6.5 yana kason 8, lamba 30 ke nan. A mita 10 kason ya wuce 12, sai 46 ko 48. Kaifinta da haskenta sun fi na majigi, don haka launi da siraran layuka ba su cika ba da matsala ba, amma idan kujeru sun wuce mita 10 sai a nemi talabijin ta biyu a kafa a tsakiyar zaure, a haɗa su da na'urar raba HDMI.